Turaren feshi ko na mai: yadda ake gane mai daɗewa da wanda aka yi wa algus

Tambaya: Malam, ina zaune a Kawo. Na sayi turaren feshi mai mil 100 da aka rubuta EDP a kwalinsa, amma kafin in isa wurin aiki ƙamshin ya gudu. Na koma na mai, shi ma tola guda ta yi mini ƙarfi da farko, ta biyu kuwa kamar man gyaɗa. Ga lefe na gabana, ina tsoron asara. Wane iri ne ya fi daɗewa, kuma yaya zan gane wanda aka sirka ko aka sake ɗurawa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan niyya. Zan fara da haruffan nan da ke jikin kwali, domin a nan yawancin mutane suke fara ruɗewa, kuma na daɗe ina ganin yadda ake amfani da su a cuci masu saye tun ina yaron shago har na tsaya da ƙafata a wannan sana'a.

Kowane turaren feshi abu biyu ne aka haɗa: madarar turare, wato man da ƙamshin yake ciki, da kuma sifirit na itanol wanda yake ɗaukar madarar ya watsa ta cikin iska, tare da ɗan ruwa kaɗan. Haruffan da ake rubutawa suna nuna kimanin yawan madarar ne a cikin kwalbar. Idan an rubuta Parfum ko Extrait, bisa al'adar masu sana'ar ana nufin madarar ta kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, wani lokaci har ta wuce. EDP yana tsakanin kashi 15 zuwa 20, EDT kuma tsakanin 5 zuwa 15, EDC bai cika wuce 2 zuwa 5 ba, shi kuwa turaren fesa jiki na gwangwani ko na robar nan mai araha yana ƙasa da haka. Ka ga ke nan kwalbarka ta mil 100, in ta cika sunanta, tana ɗauke da madara mil 15 zuwa 20, sauran kusan duk sifirit ne wanda yake bushewa cikin 'yan mintuna bayan ka fesa.

Sai dai abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, waɗannan ƙididdiga al'ada ce ta masu yin turare, ba ma'auni ba ne da aka ɗaure kowane kamfani da shi. Wani kamfanin zai zuba kashi 12 ya rubuta EDP, wani ya zuba 14 ya rubuta EDT, kuma babu wanda zai kama su. Haruffan suna da amfani sosai idan kana kwatanta kwalabe biyu na ƙamshi ɗaya daga kamfani ɗaya, amma da zarar ka tsallaka zuwa wani kamfanin, sun zama nuni kawai. Mai buga kwalin jabu kuwa ai bai rasa tawadar rubuta Extrait ba.

Abin da ya fi yawan madarar tasiri a kan daɗewa shi ne irin abin da aka yi madarar da shi. Ƙamshin lemo da na lemon tsami da na na'ana'a da makamantansu marasa nauyi ne, suna tashi da sauri, kuma ko da an cika su a kwalba ba za su kwana a jiki ba; awa ɗaya ko biyu sun tafi. Ƙamshin furanni da na kayan yaji irin su fure da kanumfari da kirfa suna matsakaicin zama. Waɗanda suke kama jiki da tufa su ne masu nauyi: udu, sandal, almiski, ambar, fanila da danginsu. Shi ya sa za ka ga EDT mai tushen udu da ambar ya wuni a jikin shadda har washegari, alhali EDP mai ƙamshin lemo ya ɓace kafin azahar, kuma dukansu na gaskiya ne. Idan aka ce maka EDP yana yin awa shida zuwa takwas, EDT uku zuwa biyar, ka ɗauke shi a matsayin ƙiyasi na tsaka-tsaki, wanda irin ƙamshin da fatar mutum da yanayin gari suke iya ƙara shi ko rage shi da yawa.

Yanayin Kaduna yana da nasa hukuncin a nan. A cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fata tana bushewa ƙarau, busasshiyar fata kuwa ba ta riƙe turare, don haka wanda bai shafa mai ba zai ga turaren da ya saba da shi ya rage zama. A zafin Maris da Afrilu kuma turare yana tashi da ƙarfi amma ya ƙare da wuri, ga gumi yana wanke shi. Wanda ya hau babur ko keke-napep daga Kawo ya bi titin Ali Akilu zuwa cikin gari, iska ta riga ta kwashe rabin abin da ya fesa. Ina ba mutane shawara su shafa ɗan basilin marar ƙamshi a wuyan hannu da gefen wuya kafin su fesa, su kuma sa wani a cikin riga, domin zare ya fi fata riƙe ƙamshi nesa ba kusa ba. A yi hattara da farar shadda kawai, saboda turare mai duhun launi, musamman na mai, yana barin tabo.

Akwai kuma abin da nake so ka fara cirewa daga zargi kafin ka tuhumi kowa, wato sabawar hanci da ƙamshi. Hancin mutum yana daina jin ƙamshin da ya zauna tare da shi bayan ɗan lokaci, kamar yadda mai shiga shagon turare yake jin ƙamshi ya buge shi, mu da muke zaune ciki kuwa ba ma jin komai. Almiski da wasu sinadaran ambar na zamani sun fi kowane yin wannan. Sau da yawa mutum yakan zo mini yana rantsuwa turarensa ya mutu, ni kuma tun daga bakin ƙofa na ji shi. Hanyar rabuwa da wannan shakka mai sauƙi ce. Ka fesa sau biyu a kan tsaftataccen hankici na auduga, ka rubuta lokacin, ka ajiye shi a wani ɗakin da ba ka zama, sannan ka riƙa zuwa kana sansanawa bayan minti talatin, bayan awa biyu, bayan awa shida, da kuma washegari da safe. EDP na gaskiya mai tushe mai nauyi zai bar wani abu a hankicin har gobe. Idan bayan awa biyu babu komai sai ƙamshin wanki, to laifin ba na hancinka ba ne.

Wannan gwajin yana nuna wani abu kuma da ya fi daɗewar muhimmanci. Turaren kirki yana sauyawa: farkonsa daban, tsakiyarsa daban, ƙarshensa daban. Masu yin jabu sun san cewa a minti biyar na farko ake ciniki, saboda haka a nan suke zuba ƙoƙarinsu, su kwaikwayi farkon ƙamshin har ya ruɗi wanda ya san turaren, su bar tushen fanko domin kayan tushe su ne masu tsada. Duk turaren da ya tashi da ƙarfi kamar zai fasa hanci, ya yi awa guda ya faɗi gaba ɗaya ba tare da ya bar wani ɗumi a baya ba, ina zarginsa. Haka nan wanda warin sifirit ɗinsa ya ƙi wucewa bayan minti guda, ko yake sa idanu yaji da ciwon kai, a ajiye shi, domin akwai masu haɗi da sifirit na masana'antu mai metanol, wanda guba ne kuma bai dace da jikin ɗan Adam ba.

To, mu zo ga turaren mai, wanda a ganina shi ya fi dacewa da mafi yawan mutanenmu, kuma a cikinsa algus ya fi yawa. Tunda babu sifirit, ba ya tashi ya cika ɗaki kamar na feshi. Yana lafewa ne a jikin fata, na kusa da kai ne yake jin sa, amma yana daɗewa, sau da yawa daga safe har dare. Masu guje wa sifirit saboda sallah su ma shi suke nema, hukuncin wannan kuwa na malamai ne, ba nawa ba. Ana auna shi da tola, wadda asalinta ma'aunin nauyi ne na ƙasar Indiya, kimanin giram 11.7, a kasuwa kuma ana ɗaukar kwalbar tola a matsayin mil 12, rabin tola mil 6, kwata mil 3. Ka lura da wannan lissafin: tola guda ta madara zalla ta kusan kai yawan madarar da ke cikin babbar kwalbar EDP. Saboda haka idan an sayar maka da tola a kuɗin da bai kai na abincin rana ba aka ce zalla ce ta udu, ai farashin da kansa ya gaya maka gaskiya. Man udu na ainihi, wanda ake tatsa daga itacen, yana cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya, kuma kusan duk abin da ake kira udu a ƙananan kwalabe haɗi ne na sinadarai da aka kwaikwayi ƙamshinsa. Wannan ba aibi ba ne muddin an faɗa.

Dole in yi adalci ga 'yan'uwana masu sana'a a nan, domin ba kowane sirki ne ha'inci ba. Madara da yawa tana da ƙarfin da in aka shafa ta zalla za ta iya ƙona fata ko ta sa ƙaiƙayi, don haka kamfanoni da kansu suke sassauta ta da wani ruwa mai kauri marar ƙamshi da ake kira DPG, ko wani mai marar wari. Ha'incin yana shigowa ne lokacin da ɗan kasuwa ya karɓi kilo guda ya mayar da shi kilo biyu ko uku, ya ci gaba da sayarwa da suna da farashin na farko, ko kuma ya sirka da abin da bai dace ba, kamar man farafin ko man girki. Tolarka ta biyu da ka ce kamar man gyaɗa take, ina kyautata zaton a nan ta faɗa.

Kauri ba hujja ba ne, kada wani ya juya maka kwalba ya ce dubi yadda yake tafiya a hankali, domin DPG da kansa yana da kauri, launi kuma ana zubawa. Ga abin da nake yi idan aka kawo mini sabon kaya. Da farko nakan ɗiga ɗigo guda a kan farar takarda in ajiye kwana biyu. Madara tana raguwa a hankali tana tafiya tare da ƙamshinta, ko da ta bar ɗan launi. Man girki da farafin kuwa suna barin tabon maiƙo mai faɗi wanda haske yake ratsawa, irin na takardar da aka naɗe ƙosai, kuma ƙamshin zai tafi ya bar tabon. Na biyu, nakan zuba ɗigo biyar a cikin cokali guda na sifirit irin na kemis a ƙaramar kwalba mai haske in girgiza. Yawancin madarar turare tana narkewa a ciki ruwan ya koma garau, farafin da man gyaɗa kuwa ba sa narkewa, sai ka ga ruwan ya yi hazo ko ƙananan ƙwayoyin mai sun kwanta a ƙasa.

Shi DPG yana wuce waɗannan gwaje-gwaje biyu cikin sauƙi, domin yana narkewa a sifirit, amma yana da rauni guda: yana gauraya da ruwa, madara kuwa ba ta yi. A watannin baya wani abokin ciniki ya kawo mini tola biyu na ƙamshi ɗaya da ya saya a wuri ɗaya, wata guda tsakani, yana cewa ta biyun ba ta kai ta farko ba, mai shagon kuma ya rantse kaya ɗaya ne. Na ɗauko sirinji biyu na mil 10 marasa allura, na ja mil 2 na turaren a kowanne, na ƙara ruwa mil 6, na toshe bakin na girgiza sosai, na tsayar da su a cikin kofi suka kwana. Da safe man ya ware daga ruwan. A sirinjin farko abin da ya rage na mai ya kusan mil ɗaya da rabi, a na biyu kuwa bai kai rabin mil ba, sauran duk ya bi ruwa. Ma'ana, ta farkon tana da sirki kaɗan irin wanda aka saba, ta biyun kuwa fiye da kashi uku cikin huɗu ruwan sirki ne, a farashi ɗaya. Mutumin ya daɗe yana kallon sirinjin bai ce komai ba, sannan ya ce kuɗin ba su dame shi ba kamar rantsuwar. Wannan gwajin ƙiyasi ne, ba awon ɗakin bincike ba, kuma akwai wasu abubuwan sirki da ba sa bin ruwa, waɗanda ba zai kama ba, amma wajen kwatanta tsohon kaya da sabo ya isa.

Sai batun kwalbar da aka sake ɗurawa, wanda ya fi wuyar ganewa saboda komai na wajen na gaskiya ne. Ana tsintar kwalaben manyan turaruka da suka ƙare, wani lokaci har da kwalayensu ake saye, a wanke, a zuba haɗin gida, a naɗe da leda a mayar kasuwa. Wurin da ya kamata ido ya fara sauka shi ne wuyan kwalbar. A yawancin turaren feshi na kamfani, inji ne yake matse ƙarfen wuyan ya kama gilashin, ya fito sumul a zagaye, ba ya juyawa kuma ba ya motsi. Ka cire murfin, ka kama kan feshin ka ɗan girgiza shi. Idan yana rawa, ko ka ga ƙarfen ya lanƙwashe, ko alamar haƙorin filaya, ko ɗan ragowar gam, ko damshi da maiƙo a kewayen wuyan, an taɓa buɗe ta. Akwai kwalaben da kamfani ya yi su da wuya mai murɗawa da gangan domin a riƙa ƙara musu, waɗannan buɗuwarsu ba laifi ba ce, sai dai su ne suka fi sauƙin yi wa algus.

Daga nan ka ɗaga kwalbar ka dubi haske. Ruwan ya zama garau, babu hazo, babu zare ko ƙura tana yawo, kuma bai rabu gida biyu ba. Hazo yawanci alamar an ƙara ruwa ne fiye da yadda sifirit zai iya ɗauka. Ka dubi siririn bututun da ke ciki, a sabuwar kwalba yawanci babu turare a cikinsa, kuma sai ka danna sau biyu ko uku ko fiye kafin feshin ya fara fita. Kwalbar da aka ce sabuwa ce amma ta fesa tun dannawar farko, wani ya riga ka. Ba na yanke hukunci da wannan shi kaɗai, amma idan ya haɗu da gogewar rubutun jikin gilashi ko ƙarce a gindin kwalba, alhali kwalin sabo ne fil, magana ta ƙare. Sannan akwai lambar rukuni, 'yan haruffa da lambobi da ake bugawa ko a tsaga a gindin kwalba da kuma gindin kwali; dole su zama iri ɗaya. Idan sun saɓa, ko an kankare ɗaya, ko an manna takarda a kai, ka ajiye. Lambar zane-zanen nan da ake haskawa da waya kuwa ba ta tabbatar da komai, domin kwafarta ta fi komai sauƙi, lambar rajistar NAFDAC ma masu jabu suna bugawa, don haka rashinta abin tambaya ne, samuwarta kuma ba ta wanke kaya ita kaɗai.

Ledar waje ita ma tana magana. Ta kamfani a ɗame take, naɗin gefenta a miƙe, an liƙe ta da zafi a tsanake, ta hannu kuwa takan yi sako-sako ko ta tattare ko ka ga gam ya malala. Amma masu wannan aiki sun ƙware, har akwai masu ɗurawa ba tare da sun taɓa ƙarfen wuyan ba, don haka duk binciken ido yana komawa ne ga gwajin hankici. Kalmar da nake so ka yi hattara da ita ita ce “testa”. Gaskiya ne kamfanoni suna yin kwalaben gwaji masu farin kwali domin shaguna, amma yawan waɗanda ake tallatawa da wannan suna a rabin farashi ya fi ƙarfin abin da hankali zai ɗauka, kuma farin kwali marar leda shi ne mafaka mafi sauƙi ga mai ɗure.

Ba kowane turaren da ya lalace ne aka yi wa algus ba. Kwalbar da ta yi watanni a kan teburin talla rana tana dukanta a bakin titi, ko wadda aka bari a cikin mota a zafin Afrilu, launinta zai yi duhu, farkon ƙamshinta ya koma tsami-tsami, ko da daga kamfani ta fito kai tsaye. Idan ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko wani shagon a titin Ahmadu Bello, ka lura da inda aka ɗauko maka kwalbar, ka nemi wadda take cikin kwalinta a inuwa, ba ta jikin gilashin da ke kallon rana ba.

Game da lefen, ga yadda zan yi da a ce ni ne. Kada ka sayi komai da yawa a zuwan farko. Ka zaɓi ƙamshi uku ko huɗu kawai, domin bayan haka hanci ya gaji, ka sayi kwatar tola ta kowane na mai, na feshi kuma ka roƙa a fesa maka a hankici daban-daban daga ainihin kwalbar da za a sayar maka ko 'yar'uwarta ta rukuni ɗaya, domin akwai masu ajiye ta gaskiya don gwaji su miƙa maka wata. Ka tafi gida ka ba su kwana guda, ka kuma ba wata 'yar'uwarka ta sansana, tunda mace za ta yi amfani da su. Wanda ya ci jarrabawa ka koma ka saya, a zuba maka na mai a gabanka daga tulun da aka ɗebi samfurin, ka karɓi rasiti da aka rubuta sunan turaren da yawansa, ka riƙe ragowar kwatar nan domin kwatantawa. A haɗin akwatin, EDP biyu masu tushe mai nauyi domin fita, EDT guda marar nauyi domin zafin rana, da tola biyu ko uku na mai mai kyau sun fi kwalabe goma sha biyu na cika ido waɗanda amarya za ta rabar kafin wata ya ƙare. Tunda kayan lefe sukan yi makonni a ajiye, ka bar kowace kwalba a kwalinta a tsaye, a ɗaki mai sanyi, nesa da taga.

Ita kuwa kwalbar da ke hannunka, ka gwada ta a hankici yau da daddare, ka duba wuyanta da lambar gindinta. Idan ta faɗi, ka mayar wa mai shagon tare da hankicin da kwalin, ka yi masa magana a keɓe ba a gaban masu saye ba, domin sau da yawa shi ma a haka aka sayar masa a katan, kuma mai son riƙe abokin ciniki zai musanya maka. Idan ya ƙi, kasuwanni suna da shugabannin ’yan kasuwa da ake kai wa irin wannan ƙorafi, kuma turaren da ya ƙona fata ko yake warin sifirit mai yaji ya cancanci a kai rahotonsa ofishin NAFDAC na nan Kaduna tare da kwalbar da rasitin.